Yadda ake rubuta wa ƙawa gajeriyar wasiƙa a kan hotunan kwalliyarta ta amarci

Wannan bayani na wadda ƙawarta ta turo wa hotunan gwajin kwalliyar aure ne, ta ce mata "duba mini, don Allah ki faɗa mini gaskiya," ita kuwa ta ga wani abu bai zauna ba amma ta rasa ta inda za ta fara. Na daɗe ina yi wa mata kwalliya, kuma ƙawaye sun saba turo mini irin waɗannan hotuna ko da wata ce ta yi aikin. Abin da na lura shi ne yawancinmu mun iya lallashi, inda muke tuntuɓe shi ne wajen tantance abin da ido ya gani: laifin kwalliya ne ko laifin hoto? Idan kika raba waɗannan biyu, wasiƙar ba za ta ba ki wahala ba, domin za ki san abin da ya cancanci a faɗa da wanda za a bari.

Abubuwan da za ki tanada

Na farko, hotunan kansu, kuma na asali. WhatsApp yana matse hoto idan aka turo shi yadda aka saba, sai ƙananan abubuwa su ɓace, fata ta yi sumul fiye da yadda take. Ki roƙe ta ta sake turowa ta hanyar Document, ko aƙalla ta danna HD kafin ta tura. Kina buƙatar hoto a haske iri biyu ko uku: na rana kusa da taga, na cikin ɗaki, da wanda aka ɗauka da filashin kyamara. Idan akwai ɗan gajeren bidiyo tana juya fuska hagu da dama, ya fi hotuna goma amfani.

Na biyu, wani hotonta na yau da kullum wanda ba kwalliya, ko mai kwalliya kaɗan, wanda aka ɗauka da rana. Da shi za ki tuna wa idonki ainihin launin fatarta. Mutum yakan ɗauka ya san fuskar ƙawarsa, amma da ya kalli hotuna shida masu hoda a jere sai ma'aunin ya kuɓuce masa.

Na uku, allo mai kyau. Ki ƙara hasken wayarki, ki kashe tsarin dare da ke mayar da allo ruwan ɗorawa, in ba haka ba za ki ga kowace fuska ta yi ja-ja, ki ɗora wa mai kwalliya laifin da ba nata ba. Idan akwai kwamfuta a kusa ki buɗe su a can ma. In babu, ki duba a wayar wani a gidan, amma fa ke kaɗai, ba tare da mai wayar yana leƙe ba, kuma ki goge bayan kin gama.

Sai takarda da biro, ko wurin rubutu a waya wanda ba akwatin hirarku ba. Kada ki tsara wasiƙar a cikin hirar, tana can tana ganin alamar kina rubutu kina gogewa, gabanta na faɗuwa.

1. Ki fara sanin ko bakin alƙalami ya bushe

Kafin ki ce komai a kan hoda ko gira, ki san amsar tambaya ɗaya: gwaji ne ko an riga an yi biki? Idan gwaji ne, saura kwana nawa, kuma akwai damar sake gwadawa? Wannan ne zai yanke miki yawan abin da za ki faɗa. Mai sauran mako uku tana iya sake zama da mai kwalliya, a canza launin fandeshan, a gwada wata hoda. Mai sauran kwana biyu ba za ta iya komai ba sai ƙaramin gyara a ranar, don haka abu ɗaya tak za ki ambata, mai sauƙi. Wadda kuwa aka gama bikinta, maganarta daban ce, zan zo kanta a ƙarshe.

Ki kuma san wa ya yi kwalliyar. Ƙwararriyar da aka biya ce, ko yayarta, ko ita da hannunta? Gyaran da za ki yi wa aikin baƙuwa kai tsaye, sai kin sassauta shi idan aikin 'yar uwarta ne, domin akwai yiwuwar wasiƙar ta isa hannun mai aikin.

Tambaya ce da ake yi cikin raha: "Masha Allah amarya! Gwaji ne wannan? Wa ya yi miki?" Sannan ki ce za ki zauna ki duba da kyau zuwa anjima. Kada ki yi shiru na awanni bayan ta ga kin buɗe hotunan, shirun kansa za ta fassara shi.

2. Ki kalla sau biyu

Kallon farko daga nesa, ba tare da kin zuƙo hoton ba, kamar yadda mutane za su gan ta a wurin taro. Ki rubuta abin da ya fara burge ki da abin da ya fara tsole miki ido. Wannan kallon shi ne mai muhimmanci, domin ba wanda zai matso da idonsa dab da kuncin amarya.

Kallo na biyu ki zuƙo, ki bi fuskar sashe-sashe: goshi da gefen gashi, gira, fatar ido da gashin ido, ƙasan ido, karan hanci, kumatu, leɓe, sai muƙamuƙi zuwa wuya da ƙirji. Abin da kika gani a kallo na biyu kaɗai, wanda bai fito a na farko ba, yawanci bai kai a sa shi a wasiƙa ba. Ƙofofin gashi da 'yan ƙananan layukan ƙasan ido suna nan a fuskar kowa, kuma kwalliya ba ta share su, filta ce ke ɓoye su.

Wani abu da sabon shiga ke mantawa: kwalliyar amarya da gangan ake yin ta da ɗan nauyi. Kyamara da fitilu masu ƙarfi suna cinye launi, kuma ana so ta daɗe a fuska duk da zufa da hawaye. Saboda haka "ta yi yawa" ba gyara ba ne sai kin iya nuna inda ta yi yawan.

3. Ki raba laifin hoto da laifin kwalliya

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Ƙa'idar da nake bi ita ce: abin da ya bayyana a dukkan hotuna, a kowane irin haske, na kwalliya ne. Abin da ya fito a hoto ɗaya ya ɓace a sauran, haske ne ko kusurwar kyamara. Abin da kuma yake fitowa a duk hoton da aka ɗauka da filashi amma ba ya nan a na rana, wannan na tsakiya ne, wani sinadari ne a cikin kayan kwalliyar da ba ya shiri da filashi.

Mu ɗauki na ƙarshen, tunda shi ya fi ɓata hotunan biki. Za ki ga ƙasan ido, tsakiyar goshi da haɓa sun yi fari fat, alhali a hoton taga ba komai. Dalili shi ne wasu hodoji farare marasa launi, musamman masu silika da yawa waɗanda ake yawan rubuta wa HD, suna mayar da hasken filashi kai tsaye cikin kyamara. Man kare fata daga rana mai sinadaran zinki ko titaniyam, da wasu fandeshan masu SPF, wato masu kariyar rana, su ma suna iya yin haka. Idan mai kwalliya ta zuba hoda mai yawa a ƙasan ido ta bar ta ta zauna kafin ta kakkaɓe, abin yana ƙaruwa, kuma ya fi fitowa a fata mai duhu. Ido ba ya ganin wannan a madubi, shi ya sa amarya da mai kwalliyar duka za su iya rabuwa suna murna ba su sani ba. Alamar da za ki gane shi da ita: farin yana bin daidai wuraren da aka sa hoda, gefensa a yanke yake, kuma wuya da kunnuwa suna nan da launinsu.

Sai bambancin fuska da wuya. Ki duba layin muƙamuƙi a hoton rana. Idan fuska ta fi wuya da ƙirji haske a sarari, kuma haka yake a kowane hoto, fandeshan ɗin ya yi mata haske. Idan hasken daidai ne amma fuskar ta yi toka-toka, ba ta da jini, to ƙarƙashin launin ne bai dace ba: fatarta tana da ɗan ja ko ruwan zinare a ƙasa, aka sa mata wanda ba shi da shi. Akwai kuma akasin haka, inda fandeshan ke ƙara duhu ko ya koma ruwan lemo bayan ya haɗu da maiƙon fata da iska. Wannan ba ya nunawa nan take, don haka ki tambaye ta wane hoto aka ɗauka da gama kwalliya, wane ne bayan awa biyu ko uku. Amma ki yi hattara, yawancin mutane fuskarsu da wuyansu ba launi ɗaya ba ne tun asali. A nan ne hoton nan na yau da kullum zai yi miki amfani.

Yanzu abubuwan da hoto ke ƙagawa. Ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa yana mayar da fata ja-ja, ya canza jambaki. Hasken rana tsaka shi ne mafi kusa da gaskiya. Ki dubi wani farin abu a hoton, bango ko farin ido ko tawul: idan shi ma ya rine, hasken ne ya rina komai. Fitilar zobe da masu kwalliya ke amfani da ita tana haska fuska daga gaba sosai, ta share inuwa, sai fuskar ta fi wuya haske ko da launin ya dace, domin haɓa tana yi wa wuya inuwa. Kyamarar gaba kuwa, idan aka riƙe ta kusa, tana ƙara wa hanci da goshi girma, kuma da yawa daga cikin wayoyi suna gyara fata da kansu ba tare da an sa su ba. Gira ɗaya ta fi ɗaya tsayi? Ki duba ko ta karkatar da kai, ko tana ɗaga gira ɗaya idan tana murmushi, kafin ki ce an zana ba daidai ba.

Idan hotunan duk a haske ɗaya aka ɗauke su kuma ta riga ta wanke fuska, ba ki da abin yanke hukunci. Ki faɗi abin da kika gani a matsayin tambaya, ki ba ta shawarar yadda za a ɗauki hoto a gwaji na gaba: ɗaya a bakin taga tana fuskantar haske, ɗaya a ɗaki mai duhu da filashi, duka da kyamarar baya, mai ɗauka ya ja baya kamar mita biyu, ba filta.

Abu ɗaya ne ba ya jiran wasiƙa. Idan kika ga fatar idonta ta kumbura, ko idon ya yi ja, ko ƙuraje sun feso inda aka shafa wani abu, ki kira ta. Gam ɗin da ake manna gashin ido da shi yana iya ɗauke da roba irin wadda jikin wasu ba ya karɓa. Ta cire, ta gaya wa mai kwalliya, idan bai lafa ba ta ga likita.

4. Ki zaɓi gyara ɗaya, in ya yi yawa biyu

Ga misali. Ƙawarki ta turo hoto shida, saura mako uku biki: biyu a bakin taga, biyu gaban fitilar mai kwalliya, biyu da daddare da filashi. A takardarki kin rubuta abu biyar. Girar ta yi kyau, an bi tsarin tata ta asali. Jambakin ya dace da ita. Fuska ta fi wuya haske a duka shidan. Ƙasan ido ya yi fari a hotunan dare kawai. Gashin idon da aka ƙara ya yi kamar ya rufe mata ido a hoto ɗaya. Sannan, can ƙasan zuciyarki, ke ba kya son kwalliyar ido mai ƙyalli.

Ki bi kowanne da tambaya uku: ana iya gyara shi kafin ranar? Zai fito a hotunan da za a ajiye? Kuskure ne ko bambancin ra'ayi? Launin fandeshan ya wuce duka ukun, shi ne na ɗaya. Farin ƙasan ido shi ma ya wuce, tunda za a yi ta ɗaukar ta da filashi. Gashin ido a hoto ɗaya ne, kuma da kika duba sai kika ga ta sunkuyar da kai, don haka ya fita, sai dai ki tambaye ta ko ya yi mata nauyi, ita ce mai ɗauke da shi. Ƙyallin ido kuwa ra'ayinki ne, ba bikinki ba ne, ki bar shi a zuciyarki.

Kuma duk abin da yake na halittarta ba ya shiga: faɗin hanci, tabon ƙuraje, kumburin ƙasan ido, ƙiba ko rama. A kan aikin da aka yi ta tambaye ki.

Na san akwai masu ganin cewa gaskiya ita ce a zazzage komai. Ban yarda ba. Amaryar da aka jero wa gyara biyar ba za ta ji biyar ba, abin da za ta ji shi ne "ban yi kyau ba," sai ta soke mai kwalliyar saura mako uku, ta faɗa hannun wadda ba ta taɓa gwadawa ba.

5. Ki tsara wasiƙar

Kalmomi 120 zuwa 180 sun isa, wato abin da zai shiga allon waya ba sai an yi ta ja ba. Tsarin kashi huɗu ne.

Ki buɗe da gaisuwa da yabo na gaskiya mai suna. "Kin yi kyau" kowa ya faɗa mata, ba ya ɗaukar nauyi. "Girar nan taki ce sak, kawai an fito da ita" yana nuna kin duba, kuma yana gaya mata abin da kada a taɓa a gwaji na gaba. Yabon da ba ki yarda da shi ba kada ki rubuta, ƙawa tana gane muryar ƙawarta.

Sai gyaran. Ki ambaci hoton da wurin: "a hoto na uku, daga muƙamuƙi zuwa wuya." Ki sa kayan kwalliyar su zama masu aikata abin, ba ita ba. Akwai tazara tsakanin "fuskarki ta yi fari" da "hodar ƙasan ido tana mayar da hasken filashi." Na farko a kanta yake, na biyu a kan hoda, kuma shi ne ma ya fi zama daidai. Ki guji "amma" nan da nan bayan yabo, tana share duk abin da ya gabace ta. Ki sa aya, ki fara sabon layi da "abu ɗaya na lura."

Na uku, mafita, a rubuce yadda za ta iya kwafa ta tura wa mai kwalliya ba tare da jin nauyi ba. Wannan shi ne mafi amfani a duk wasiƙar, domin amare da yawa sun ga matsalar da kansu, kalmomin da za su faɗa ne ba su da su.

Na huɗu, ki mayar mata da wuƙa da nama. Ita ta ga kwalliyar ido da ido, ke hoto kika gani.

6. Ga yadda za ta kasance

Ƙawata amarya,

Na zauna na duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Girar nan ta burge ni, taki ce sak aka fito da ita, kuma jambakin ya karɓe ki, musamman a hoton bakin taga. Waɗannan biyu kada a taɓa su.

Abu biyu na lura, duka masu sauƙin gyara. Fandeshan ɗin ya ɗan fi wuyanki haske, ki duba hoto na ɗaya da na uku daga muƙamuƙi zuwa ƙasa. Sannan a hotunan dare, hodar ƙasan ido tana mayar da hasken filashi, sai wurin ya yi fari. A na rana babu wannan, don haka ina zaton hodar ce.

Kina iya ce wa mai kwalliyar: "Na ji daɗin aikin. Don Allah mu gwada fandeshan da ya ɗan fi wannan duhu, a auna shi da wuyana a hasken rana, kuma a sa hoda mai launi a ƙasan ido, mu ɗauki hoto da filashi kafin in tashi."

Hoto kawai na gani, ke kika gani a madubi, don haka idan a fili ba haka yake ba, ki bi idonki. In kina so mu je gwaji na biyu tare, ki sa rana. Allah ya kai mu lafiya.

Taki har kullum.

Ki lura ban ce mai kwalliyar ba ta iya ba, ban kuma ce a canza ta ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na rubuta "ina zaton hodar ce" domin daga hoto ba zan iya rantsewa ba, ƙila man kare rana ne ta shafa kafin a fara. Inda kike da tabbas ki faɗa kai tsaye, inda zato ne ki kira shi zato. Kada kuma ki cika wasiƙar da "ƙila" da "wataƙila ni ce ban gani daidai ba" har gyaran ya nutse, ta karanta ta ɗauka komai lafiya.

Idan ita ta yi wa kanta kwalliyar, ki cire sakin layi na uku, ki maye shi da abin da za ta gwada: ta shafa launi biyu ko uku a jere a kan muƙamuƙi, ta jira kamar rabin awa, ta fita haske, wanda ya ɓace cikin fata shi ne nata. Idan ba ta da launin da ya dace, ta gauraya wanda take da shi da ɗigon wanda ya fi duhu. Hodar kuma ta rage yawanta, ta dangwala da soso maimakon zubawa, ta kakkaɓe sosai da burushi. Idan 'yar uwarta ce mai aikin, ki ƙara layi ɗaya na yaba hannunta, ki rubuta komai da sanin cewa za ta iya karantawa.

7. Kafin ki tura

Ki ajiye ta kamar awa ɗaya, ki dawo ki karanta da ƙarfi. Duk jimlar da ba za ki iya faɗa mata ido da ido ba, ki cire. Ki cire kwatance na ban dariya, ko da kun saba zolaya, domin rubutu ba ya ɗaukar murya, kuma abin da kika kamanta fuskarta da shi zai dawo mata a ranar tana gaban madubi. Ki cire "ni da ni ce," ki cire sunan wata amarya da kike ganin tata ta fi, ki cire "kowa ma ya ce," wanda ke nuna kin yawata da hotunanta.

Ki tura mata ita kaɗai, ba cikin zauren ƙawaye ba, ko da a can ta saka hotunan. A can ki yi yabonki na gaskiya ki tsaya. Ki tura da rana, lokacin da za ta iya kiran mai kwalliya, ba tsakar dare ba. Idan kin san ƙawarki mai saurin shiga damuwa ce, ki biyo da ɗan saƙon murya don ta ji sautinki, amma gyaran ya zauna a rubuce, shi ne za ta iya komawa ta kwafa. Zana da'ira a kan hoton fuskarta don nuna wuri yana da kaifi fiye da yadda ake zato, lambar hoto da sunan wurin sun wadatar, sai in ita ta ce ki nuna mata.

8. Idan ta amsa

Idan ta ce ita haka take so, fuska mai haske ta zaɓa da gangan, magana ta ƙare. Kin faɗa sau ɗaya, kada ki maimaita, kada kuma ki bi ta bayan fage ki gaya wa mahaifiyarta ko mai kwalliyar. Idan ta yi shiru, ki ba ta kwana ɗaya, sannan ki taɓo ta da wata maganar shirin biki. Idan ta rikice ta ce za ta canza mai kwalliya, ki tuna mata cewa canza launi da hoda aikin minti kaɗan ne, kuma ainihin abin da za ta auna shi ne yadda mai kwalliyar ta karɓi gyaran. Wadda ta ce "zo mu sake gwadawa" a riƙe ta. Wadda ta ce laifin wayarki ne alhali matsalar tana cikin hotuna shida, a nan ne ya kamata a fara tunani.

Idan an riga an yi biki

A nan wasiƙar ta ƙara gajarta. Fandeshan ba zai canzu ba, don haka ba ki da dalilin tayar da shi da kanki. Ki zaɓi hoto biyu ko uku da suka fi kyau da gaske, ki faɗi dalili, ki ce su za ta wanke ta rataye. Wannan ba ƙarya ba ce, zaɓi ne cikin gaskiya.

Idan ta tambaye ki kai tsaye, "kin ga yadda ƙasan idona ya yi fari?", kada ki ce ba ki gani ba, ta riga ta gani, kuma musun zai sa ta daina yarda da yabonki. Ki ce kin gani a hotunan filashi, ki gaya mata dalilin, sannan ki nuna mata abin da ya rage a hannu: idan mai hoto bai kammala gyara ko buga kundin ba, yana iya rage hasken wurin, ya kuma daidaita launin fuska da na wuya. Ta tura masa lambobin hotunan da take so a taɓa, ta nemi ya nuna mata samfurin ɗaya kafin ya bi sauran, domin gyaran da ya wuce kima yana share fata har ta daina kama da ta mutum. Aikin ya fi sauƙi idan yana da ainihin fayilolin kyamara, don haka ta yi masa magana da wuri kafin ya goge su.